Yadda ake haɗa kayan sauti don majalisin waƙoƙin ibada a fili, murya ta fita tas ba tare da kukan lasifika ba

A majalisin waƙoƙin ibada kalmomi mutane suka zo ji. Idan na zaune a sahun ƙarshe ya ji ƙara amma bai gane baitin ba, aikin mai sauti bai yi ba, ko da kayansa sun fi na kowa kyau. Shi ya sa nake jin zafi idan jagora ya kai ga baitin da ke taɓa zuciya, jama'a sun yi tsit, sai lasifika ta callara wannan kukan mai huda kunne. Natsuwar da aka ɗauki rabin sa'a ana ginawa sai ta watse a daƙiƙa ɗaya. Yawanci idan haka ta faru sai ka ga an rufu a kan miksa ana murɗe-murɗe, alhali matsalar tun lokacin da aka kafa lasifika aka shuka ta.

Zan bi aikin daki-daki da misali ɗaya. Fili ne mai tsawon mita 32 da faɗin kamar mita 20, jama'a na zaune, akwai jagora ɗaya, 'yan amshi shida, da mai ganga ta hannu ɗaya. Kayan da muke da su kuwa su ne miksa mai layi takwas, amfilifaya, manyan lasifika biyu a kan sanduna, ƙaramar lasifika ɗaya ta ƙasa wadda ake kira monita, da makirfo huɗu ko biyar masu waya.

Me ke sa lasifika kuka

Sai ka fahimci wannan kafin ka taɓa komai, domin duk matakan da ke tafe daga nan suka fito. Murya tana shiga makirfo, a ƙara mata ƙarfi, ta fito ta lasifika. Wani ɓangare na abin da ya fito yana komawa cikin makirfon, a sake ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa. Muddin abin da ke komawa bai kai ƙarfin abin da ya fara shiga ba, zagayen yakan mutu da kansa, ba wanda zai ji komai. Ranar da ya kai ko ya wuce, kowane zagaye sai ya fi na baya, cikin ƙiftawar ido ya zama kuka. Ke nan gasa ce a bakin makirfo tsakanin sauti biyu: muryar mai rerawa da sautin lasifika. Aikinka shi ne ka sa muryar ta rinjaya da rata mai yawa.

Ga ƙa'idar da za ta taimake ka fiye da kowace. A fili, duk sanda nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, wanda ake rubuta dB a jikin miksa. Idan bakin jagora yana santimita 20 daga makirfo, ya matso zuwa santimita 10, ka samu desibel 6 kyauta. Ya ƙara matsowa zuwa santimita 5, ka samu 12. Babu wani maɓalli a miksa da zai ba ka desibel 12 ba tare da ya kusantar da kai ga kuka ba, amma matsowar baki tana ba ka, domin muryar kaɗai ta ƙaru, sautin lasifikar da ke dawowa yana nan yadda yake. Haka kuma idan ka nisanta lasifika daga makirfo daga mita 2 zuwa mita 4, abin da ke dawowa ya ragu da desibel 6.

Fili yana da tasa falalar: ba bango ba rufi da za su mayar da sauti cikin makirfo, saboda haka kuka ya fi sauƙin magancewa a kan cikin zaure. Amma rashin bangon yana nufin babu abin da ke taya ka cika wurin, sauti ya tafi ya tafi ke nan. Masu rerawa ma sai su ji muryarsu ta bushe, kamar ba ta fita, su fara neman a ƙara musu. Yawancin rigimar daren daga nan take farawa.

Mataki na farko: ka zaga filin kafin ka sauke kaya

Ka je da wuri, da sauran haske. Ka duba abu uku. Ina iska take kaɗawa? In da hali, a zaunar da masu rerawa yadda iska za ta ɗauki sauti zuwa wajen jama'a, domin sautin da ke tunkarar iska ba ya isa nesa da kyau. Akwai doguwar katanga ko gini a ƙarshen filin, tana fuskantar lasifika? Idan akwai, sauti zai buge ta ya dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan katangar da ke mita 40 za ta mayar wa jagora da muryarsa bayan kusan rubu'in daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya rikita masa ma'aunin baiti. Maganinsa shi ne ka karkatar da zaman gaba ɗaya, ko ka ɗan sunkuyar da lasifika ta kalli jama'a maimakon katanga. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, katanga kuwa mayarwa take yi.

Na uku, rumfa. Idan masu rerawa suna ƙarƙashin rumfa mai rufin kwano ko tamfol mai tauri, kada manyan lasifika su shiga ƙarƙashinta, domin rufin zai riƙa mayar da sauti ƙasa kan makirfo.

Mataki na biyu: wuta

Idan janareta ne, a kai shi nesa iyakar yadda waya mai kauri za ta kai, a bayan gini in akwai, hayaƙinsa ba ya bi ta kan jama'a. Miksa da amfilifaya da duk abin da ke haɗe da su su sha wuta daga layi ɗaya, fitilu da fanka su bi wani layin. Idan ka ji wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa ko an kashe duk makirfo, yawanci kayan sun sha wuta daga soket daban-daban ne, ko wayar sauti ta kwanta a jikin wayar wuta. Ka raba su, inda dole su haɗu kuma su gitta juna maimakon su jera. Kada ka yarda da shawarar mai cewa a cire ƙafar ƙasa ta fulogi don gurnanin ya tafi. Wannan ƙafar ita ke hana wuta bi ta jikin makirfo zuwa leɓen mai rerawa, kuma a fili inda raɓa ke sauka mutane na tsaye a ƙasa, haɗarin na gaske ne. Mahaɗar wayoyi ma a ɗaga ta daga ƙasa.

Mataki na uku: inda lasifika za su tsaya

Wannan ne matakin da ya fi kowane nauyi, kuma shi aka fi yi da gaggawa. Ka ja layi a ƙasa da ƙafarka daidai inda makirfo mafi gaba zai tsaya. Manyan lasifika biyu su kasance gaban wannan layin da aƙalla mita ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kallon jama'a, bayansu na wajen masu rerawa. Babu makirfon da zai tsallaka gaban lasifika. Sau da yawa masu shirya taro suna so a mayar da lasifika baya don kada su tare wa mutane gani. Ka yi musu bayani cikin ladabi, ka matsar da su gefe, amma kada ka mayar da su baya.

Sannan tsayi. A jikin lasifika akwai babban baki na ƙasa mai fitar da sauti mai kauri, da ƙaramin ƙaho a sama mai fitar da siririn sauti. Siririn sautin nan shi ne ke ɗauke da haruffa irin su sa da sha da ta da ka, waɗanda su ne ke bambanta kalma da kalma. Yana tafiya a miƙe kamar hasken tocila, mutum ɗaya ya tsaya a gabansa ya tare shi. Saboda haka ƙahon ya kasance sama da kan mai tsaye, kamar mita 2 ko ɗan fiye, ko da jama'a a zaune suke, domin a irin wannan taro ba a rasa masu miƙewa da masu wucewa. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa ko a kan benci, sahun farko kawai take yi wa aiki, na baya gunguni suke ji.

Ka saita kowace lasifika ta kalli kamar kashi biyu bisa uku na tsawon filin, ba sahun farko ba, kuma ka ɗan juyo da su ciki kaɗan. Yawancin irin waɗannan lasifika suna baza sauti a faɗin kusan digiri 90, don haka biyu sun isa faɗin mita 20. Ka buɗe ƙafafun sanduna sosai, ka ɗora musu buhun yashi ko wani abu mai nauyi, domin iska tana iya kayar da lasifika a kan mutum.

Yanzu mu yi lissafin filinmu. Idan sahun farko yana mita 2 daga lasifika, na ƙarshe yana mita 32, nisan ya ninka biyu har sau huɗu (2, 4, 8, 16, 32), bambancin ya zama desibel 24. Kafin na baya ya ji daidai, na gaba kunnensa ya yi zafi. Idan ka bar fili a gaba, sahun farko ya fara daga mita 4, bambancin ya sauko zuwa 18. Ɗaga lasifika sama da saita ta ga na baya yana ƙara rage shi, domin na gaba sun koma ƙarƙashin hancinta, ba tsakiyar bugunta suke ba. Wannan ya isa a yi taro lafiya.

Idan kana da wasu lasifika biyu kana so ka kafa a tsakiyar fili, kamar a mita 16, ka san cewa sauti ta waya yana isa nan take, na iska kuwa yana ɗaukar kusan milisakan 3 a kowace mita. Wanda ke bayan lasifikar tsakiya zai ji kalma daga gare ta, sannan bayan milisakan 47 ya sake jin ta daga ta gaba, baitin ya zama kamar mutum biyu na faɗa ba tare ba. Ana gyara wannan da na'urar jinkirta sauti, wadda yawancin miksa na dijital suke da ita a ƙarƙashin sunan DELAY:

```
16 m ÷ 343 m/s = 0.047 s = 47 ms
47 ms + 10 ms = 57 ms
```

Ƙarin milisakan 10 ɗin nan yana sa kunne ya ɗauka daga wajen jagora sautin yake zuwa, domin kunne yana bin wanda ya fara isowa. Kuma su kalli baya kamar na gaba, kada su juyo suna fuskantar masu rerawa. In ba ka da na'urar jinkiri, shawarata ka haƙura da lasifikar tsakiya, ka ɗaga na gaba da kyau.

Mataki na huɗu: makirfo nawa, kuma a ina

Makirfon hannu na waƙa da aka saba gani yana jin gabansa sosai, yana jin gefe kaɗan, bayansa kuma kusan kurma ne. Wannan kurman bayan shi ne garkuwarka. Duk lasifikar da ke kusa, ka sa ta faɗa a wannan ɓangaren. Monita ta zauna a ƙasa a gaban jagora, tana kallon fuskarsa, gindin makirfon yana nuna ta kai-tsaye. Akwai wani nau'in makirfo mai ƙunƙuntar ji wanda yake ɗan ji ta bayansa daidai, kurmansa yana gefe-gefen baya, wajen digiri 125 daga gaba. Idan irinsa ke hannunka, monita ta ɗan goce zuwa gefe. Zanen da ke jikin makirfon ko kwalinsa yana nuna wane iri ne.

Kowane makirfo da ke buɗe wata ƙofa ce da sautin lasifika zai dawo ta ciki. Duk sanda yawan buɗaɗɗun makirfo ya ninka biyu, ka yi asarar kusan desibel 3 na abin da za ka iya ƙarawa kafin kuka. Makirfo takwas a buɗe sun ci maka desibel 9. Wannan yana sa wasu su ce to a ba 'yan amshi shida makirfo ɗaya. Kuskure ne babba, domin sai sun ja baya kusan rabin mita kafin duk su shiga, kuma asarar nisa ta fi asarar yawa nesa ba kusa ba. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne makirfo uku a kan sanduna, mutum biyu a kowane, kafaɗa da kafaɗa, baki bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Ka haɗa masu ƙarfin murya ɗaya a makirfo ɗaya. In ka haɗa mai amo da mai sanyin murya, ɗaya kawai za a ji. Tsakanin makirfo da makirfo kuma a bar aƙalla ninki uku na nisan baki, wato in baki yana santimita 15, makirfo na gaba ya kai santimita 45 ko fiye. In sun matsu, murya ɗaya tana shiga biyu a lokuta daban-daban, sautin ya fito siriri kamar ta cikin bututu.

Ganga kuwa ka fara gwadawa ba tare da makirfo ba. Tana shiga makirfon masu rerawa ko ba ka so, kuma sau da yawa hakan ya isa rabin fili. In dole ne, ka ba ta makirfo ɗaya kusa da fata, ka zaunar da mai gangar nesa da jagora, a gefe.

Kowane makirfo a sa masa hular soso saboda iska. Wayoyi su zama masu ƙafa uku, waɗanda ake kira XLR, domin su ne ke jure doguwar tafiya ba tare da kwasar hayaniya ba. Ka manna farin tef a ƙasan miksa ka rubuta sunan kowane layi: jagora, amshi na ɗaya, na biyu, na uku, ganga. In dare ya yi za ka gode wa wannan tef ɗin.

Gargaɗi ɗaya kan amfilifaya: lasifika biyu masu om 8, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta, idan aka jona su a layi ɗaya sun zama om 4, huɗu kuma sun zama om 2. Yawancin amfilifaya suna ɗaukar 4, amma da yawa ba sa jure 2, sai su yi zafi su ɗauke a tsakiyar taro. Ka karanta abin da aka rubuta a bayanta.

Mataki na biyar: kunnawa da saita ƙofar kowane layi

Duk abin da ake ja ko murɗawa na ƙara ya koma ƙasa. Ka kunna miksa tukuna, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. Wajen kashewa kuma ita ce ta farko. In ka saɓa, za ka ji wani dum mai ƙarfi da ke iya lalata ƙaho.

A saman kowane layi akwai maɓallin murɗawa mai suna GAIN, a ƙasa kuma akwai wanda ake ja sama da ƙasa. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya ne. Na saman ƙofa ce, yana ƙayyade yawan abin da ke shigowa daga makirfo, kuma sau ɗaya ake saita shi a bar shi. Na ƙasan shi ne na aiki, da shi ake daidaita muryoyi yayin taro. Ka danna PFL a layin jagora, wato maɓallin da ke nuna ƙarfin wannan layin shi kaɗai a fitilun ma'auni, ka roƙe shi ya rera baitin da ya fi ɗaga murya a ciki, da ƙarfin da zai yi a gaban jama'a. Kada ka yarda da bubbuga makirfo ko ƙirga ɗaya biyu cikin sanyin murya, domin mutumin da ya yi gwaji a hankali zai ninka haka idan shauƙi ya kama shi. Ka murɗa GAIN har fitilun ma'auni su riƙa kaiwa wajen 0 a inda ya fi ƙarfi, jar fitilar PEAK ba ta kamawa. Ka yi haka ga kowane layi.

Sannan ka danna LOW CUT a duk layukan murya. Yana yanke sautin da ke ƙasa da 75 zuwa 100 Hz, gwargwadon miksa. Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba kuma siriri, kHz ɗaya kuwa Hz dubu ne. Kusan babu abin amfani na murya a can, gurnanin iska ne da motsin hannu da takun ƙafa, kuma suna cinye ƙarfin amfilifaya a banza. Da yake ka ce kowa ya matso, murya za ta yi kauri fiye da yadda take, domin haka irin wannan makirfo yake yi idan baki ya kusanto. Ka ɗan rage LOW, maɓallin sauti mai kauri, har kalmomi su washe. A gyaran murya ragewa ta fi ƙarawa aminci, domin duk inda ka ƙara ka buɗe wa kuka hanya.

Mataki na shida: nemo bakin kuka kafin jama'a su zo

Ka ce kowa ya yi shiru, makirfo suna inda za su kasance, a buɗe. Ka kai maɓallin da ake ja na kowane layi wajen 0, sannan ka riƙa ɗaga babban maɓallin MAIN a hankali ƙwarai, hannunka bai bar shi ba. Kafin kuka ya fashe akwai alama: idan wani ya yi magana, ƙarshen kalmar yana jan wata 'yar wutsiya kamar an buga kwano. Da ka ji ta, tsaya, ka ɗan sauke.

Ka saurari irin sautin. Idan mai kauri ne kamar ana hura baki a kwalba, yana wajen 250 zuwa 500 Hz. Idan kamar waƙa ne a murya ɗaya, yana wajen 1 kHz. Idan fito ne mai kaifi, daga 2 kHz zuwa sama yake. In kana da na'urar daidaita sauti mai jerin ƙananan maɓallai, ka sauke wanda ya dace da desibel 3 kacal, ka sake ɗaga MAIN har wani ya fito, shi ma ka sauke. Sau uku ko huɗu ya isa. Bayan haka duk abin da ka yanke muryar kanta kake yankewa, kuma idan ka ga ka sauke rabin maɓallan, matsalar ta wuri ce, ka tashi ka matsar da lasifika.

Inda ka tsaya a ƙarshe shi ne iyakarka. Ka sauko da desibel 6 daga nan, ka manna tef a wurin. Duk daren ba za ka wuce tef ɗin ba. Ratar tana da amfani domin abubuwa za su canza: jagora zai juya, wani zai riƙe takarda ko littafi kusa da makirfo sauti ya bugi shafin ya shiga, iska za ta sauya.

Sai monita. Ana aika mata sauti ta maɓallin AUX da ke kowane layi, kuma a sa shi a PRE don kada abin da kake yi wa jama'a ya riƙa canza wa jagora abin da yake ji. Ita ma ka nemo bakin kukanta kamar yadda ka yi, ita kaɗai tukuna, sannan tare da manyan. Ka sa muryar jagora kawai a ciki, da ɗan amshi in ya nema. Ban da ganga, yana jin ta da kunnensa. Monita ita ce lasifika mafi kusa da makirfo, saboda haka ita ce aka fi kamawa da laifin kuka.

Mataki na bakwai: daidaita muryoyi

Ka fara da jagora shi kaɗai har ya zauna daidai. Sannan ka shigo da 'yan amshi a ƙasa da shi, kamar desibel 3 zuwa 6. Kada ka manta layi uku ne a kan ɗaya, in ka jera su daidai da nasa za su binne shi. Wurin gwaji shi ne gaɓar da amshi ke ƙarewa jagora yana shiga sabon baiti: kalmarsa ta farko dole ta fito a fili. In ta nutse, amshi ya yi yawa. Ganga ita ce ta ƙarshe, ka ɗaga ta har ka fara jin ta a baya, ka tsaya.

Idan na baya sun ce ba sa jin jagora, kada hannunka ya tafi ga ƙara shi. Ka fara rage sauran. Sakamakon a kunne ɗaya ne, amma ragewa tana nisanta ka daga kuka.

Amsa-kuwwar da ake sa wa murya tana da daɗi a fili inda murya ke bushewa, kuma masu rerawa suna son ta. Amma ita ce ta fi komai cinye kalmomi, maimaicin harafin ƙarshe yana hawa kan farkon kalma ta gaba. Ka ɗaga ta har ka fara lura da ita, sannan ka ɗan koma baya. Idan an tsaya ana addu'a ko jawabi, ka kashe ta gaba ɗaya, kuma kada ta shiga monita.

Duk wannan ba a yanke hukuncinsa daga bayan lasifika. Miksa ta zauna a gaba, cikin jama'a ko a gefensu, inda kake jin abin da suke ji. Ka taka da ƙafarka zuwa sahun ƙarshe yayin gwaji, ka saurari baitin da ba ka haddace ba. In ka iya maimaita shi, an dace.

Magana da masu rerawa

Minti biyu kafin a fara sun isa, kuma a faɗa da girmamawa. Ga jagora nakan ce: "Malam, don Allah a bar shi kusa da baki, kamar faɗin yatsu uku. In za a ɗaga murya a ɗan ja shi baya kaɗan. In an gama baiti kada a sauke shi ya kalli wannan lasifikar ta ƙasa." Abu na biyu shi ne riƙo. Masu rerawa da yawa suna dunƙule hannu a kan kan makirfo. Ramukan da ke ƙasan ragar su ne ke sa bayansa ya kurmance, in tafin hannu ya toshe su sai ya koma yana jin kowane ɓangare, kuka ya taso nan take. A riƙe shi a jiki, ƙasa da raga. Saboda wannan dalilin ne ma rufe makirfo da hannu lokacin da kuka ya fara yake ƙara shi maimakon ya kashe shi.

Idan kuka ya taso ana tsakiyar rerawa

Kada ka kashe komai gaba ɗaya. Ka sauke monita tukuna, mafi yawan lokuta nan take zai tsaya. In bai tsaya ba ka ɗan sauke MAIN, sannan ka ɗaga kai ka duba abin da ya canza. Na taɓa yin wani taro da aka yi awa guda lafiya, sai fito ya riƙa tasowa duk sanda aka shiga amshi. Na rage wannan na rage wancan bai daina ba, sai da na taka gaba na ga ɗaya daga cikin 'yan amshi ya cire makirfonsa daga sanda ya matsa gefe saboda matsi, har ya kai kusa da bakin lasifikar hagu. Taku biyu ya koma baya, aka ƙarasa daren ba a sake jin komai ba.

Duk makirfon da ba a amfani da shi a wannan lokacin ka danna masa MUTE. Idan muryar ta fara fashewa tana karce kunne, ka duba jar fitila a layin da kuma CLIP a amfilifaya. In ta layin ce, jagora ya fi ƙarfin gwajinsa, ka ɗan rage GAIN. In ta amfilifaya ce, kayan sun kai iyakarsu, ka sauke, domin fasasshen sauti shi ne ke ƙona ƙaho.

Da dare ya yi nisa hayaniyar gari takan kwanta, iskar ƙasa ta yi sanyi, sauti ya riƙa tafiya nesa fiye da yadda ya yi da yamma. Ƙarfin da ka saita da farko zai zama ya yi yawa, ga maƙwabta da ke barci. Ka riƙa sauke MAIN kaɗan-kaɗan, desibel ɗaya ko biyu a lokaci guda, a tsakanin waƙa da waƙa, sannan ka sake takawa sahun ƙarshe ka tabbatar har yanzu ana gane baitin.